Aibin da ya bi zuri'a: nazarin ciwon wata 'yar kasuwar Kejetia da abin da ya nuna game da asalin ƙwayoyin jini

Matar da wannan nazari ya shafa shekarunta 46, tana zaune a Aboabo, tana sayar da atamfa a kasuwar Kejetia da ke Kumasi, kuma Hajiya kawai zan riƙa kiranta saboda kare sirrinta. Ta zo sashen cututtukan jini inda nake aiki bayan ta shafe wata bakwai tana fama da kasala da zufar dare da ramewa. Abin da ya fi damunta shi ne da zarar ta yi loma biyar ko shida na tuwo sai ta ji ta ƙoshi, kuma ɓangaren hagu na cikinta ya yi mata nauyi kamar an ajiye dutsen niƙa a wurin. Sau uku ta sayi maganin zazzaɓin cizon sauro a wani kantin magani na unguwa ba tare da an gwada jininta ba, ta kuma shanye kwalabe da dama na maganin ƙarin jini, amma babu abin da ya sauya.

Da aka kwantar da ita aka taɓa cikin, sai aka ji saifarta ta zarce ƙarƙashin haƙarƙari da santimita 13, har ta kusa kai cibiya. Ita ce ta danne tumbi, shi ya sa abinci kaɗan yake cika mata ciki. A ƙasarmu wanda ya ga saifa ta kumbura haka zazzaɓin cizon sauro da ya daɗe yana maimaituwa zai fara kawowa a ransa, sai kuma ciwon hanta, kuma ba na ganin laifin wanda tunaninsa ya fara daga nan. Gwajin ƙidayar ƙwayoyin jini ne ya karkatar da mu zuwa wani wuri.

Fararen ƙwayoyin jininta sun kai 186,000 a kowace maikurolita, alhali a jikin mai lafiya tsakanin 4,000 da 11,000 suke. Ƙwayoyin da ke tsai da zubar jini, waɗanda ake kira filatilet, sun kai 620,000, sama da iyakar da aka saba gani ta 400,000 zuwa 450,000. Shi kuwa hemogulobin, sinadarin da ke ba jini launinsa yana ɗaukar iska, ya sauka zuwa giram 8.9 a desilita, alhali mace mai lafiya ba ta yin ƙasa da 12. Wato iri biyu sun yi yawa, ɗaya ya yi kaɗan.

Lambobin na'ura ba su ishe mu ba, sai da aka shafa ɗigon jinin a kan gilashi, aka rina shi, aka duba a maikuroskof. Wanda ya saba da wannan aiki yana ganin gilashin Hajiya zai ce ɓargo ne aka ɗebo, ba jinin hannu ba. Kusan rabin fararen ƙwayoyin nutirofil ne manya da suka kammala girma, su ne sojojin da ke cinye ƙwayoyin cuta. A gefensu kuma ga ƙannensu da bai kamata su bar ɓargo ba tukuna, kowane mataki na girma da wakilansa, mafi yawansu a matakin tsakiya da ake kira mayilosayit, wanda shi kaɗai ya ci kashi 22 cikin 100. Jarirai na matakin farko, waɗanda ake kira bilas, kashi 1 ne kawai. Basofil, wani nau'in fararen ƙwayoyi da ba ya wuce kashi 1 a jinin mai lafiya, ya kai kashi 6. Limfosayit kuwa, fararen ƙwayoyin da ke kula da garkuwar jiki, kashi 2 ne, wanda a ido zai yi kama da ƙaranci, amma kashi 2 na 186,000 ya kama 3,720, kuma wannan adadi ne na mutum mai lafiya. Su ba su ragu ba, sauran ne suka yi musu ambaliya.

Cuta mai tsanani irin ta ƙwayoyin bakteriya tana iya ɗaga fararen ƙwayoyi, amma da wuya ta kai su inda na Hajiya suka kai, kuma ba ta ƙara basofil. Abin da ke gabanmu ya fi kama da sankarar ɓargo mai tafiyar hawainiya, wadda ake rubutawa CML a takardun asibiti. Sai dai sunan ciwo bai amsa tambayar da ta fi ba ni sha'awa a lamarin ba, wadda kuma ita ce ta zo ta bayyana duk abin da ya faru da Hajiya daga baya: a wane mataki na salsalar ƙwayoyin jini aibin ya fara?

Salsalar da ke cikin ɓargo

Yawancin ƙwayoyin da ke yawo a jini ba sa daɗewa. Jar ƙwaya tana yin kwana 120, filatilet kwana 8 zuwa 10, nutirofil kuwa ba ya cika yin fiye da yini guda a cikin jijiya kafin ya fita zuwa tsokar jiki. Ga shi jar ƙwaya da filatilet ba su da cibiyar da ke riƙe da rubutun gado, don haka ba sa haihuwa, shi ma nutirofil da ya girma ya daina rabuwa. Saboda haka dole a riƙa ƙera sababbi kullum, kuma jajaye kaɗai baligi yana ƙera kimanin biliyan 200 a rana, sama da miliyan 2 ke nan a kowace daƙiƙa. Wurin wannan aiki a jikin baligi shi ne jan ɓargon da ke cikin ƙashin ƙugu, da ƙashin baya, da na ƙirji, da haƙarƙari, da ƙoƙon kai, da kawunan ƙasusuwan cinya da damtse. Ɗan tayi kuwa a hanta da saifa yake yin nasa kafin aikin ya koma ɓargo, shi ya sa idan ɓargo ya cika ya batse, kamar na Hajiya, ƙwayoyin sukan koma saifa su ci gaba da hayayyafa a can har ta kumbura.

A can saman salsalar akwai uwar ƙwaya. Abubuwa biyu ne suka bambanta ta da duk wata ƙwaya a cikin ɓargo. Na farko, idan ta rabu biyu tana iya haifar da wata uwa irinta sak, don haka gidan ba ya ƙarewa har mutum ya tsufa. Na biyu, daga zuriyarta ana iya samun kowane irin ƙwayar jini, ja da fari da filatilet. Iyayen ba su da yawa idan aka kwatanta da aikin da ke wuyansu. Wani bincike da aka buga a Birtaniya a 2018, wanda ya bi sawun ƙananan sauye-sauyen gado a jinin mutum guda, ya ƙiyasta cewa tsakanin 50,000 da 200,000 ne suke aiki a jikin baligi. Yawancin lokaci kuma a kwance suke a lungunan ɓargo kusa da ƙananan jijiyoyin jini, watanni suna wucewa ɗaya ba ta rabu ba.

Yadda 'yan iyaye masu yawan barci suke cika jiki da biliyoyin ƙwayoyi lissafi ne mai sauƙi. 'Yar da uwa ta haifa, wadda ta kama hanyar girma, tana rabuwa da sauri, ɗaya ta zama biyu, biyu su zama huɗu, kuma idan aka yi wannan ninki sau 20 an wuce miliyan ɗaya. Wato nauyin haihuwa a kan 'ya'ya da jikoki yake, uwa tana ba da iri ne kawai. Sai dai kowane mataki da aka sauka ana rasa wani abu. 'Yar farko tana iya haifar da kowane iri, amma ta rasa ikon sabunta kanta na dindindin, don haka zuriyarta tana ƙarewa bayan makonni ko watanni. Daga ita gida yake rabuwa biyu. Reshe ɗaya, wanda ake kira limfoyid, shi ke ba da limfosayit na B masu ƙera garkuwa, da na T waɗanda ke zuwa wata 'yar kaluluwa a bayan ƙashin ƙirji su ƙarasa girma, da wasu masu kashe ƙwayoyin jiki da suka lalace. Ɗaya reshen, mayiloyid, ya sake rabuwa: ɗaki guda yana haifar da jajayen ƙwayoyi da kuma manyan ƙwayoyin megakariyosayit, waɗanda kowace ke tsattsage jikinta ta fitar da filatilet dubu ko fiye, ɗaya ɗakin kuma yana haifar da nutirofil da monosayit da danginsu.

A ƙasan salsala ne saƙonnin jiki suka fi tasiri. Idan iska ta yi ƙaranci a jini, ƙoda tana sakin sinadarin eritiropoyetin, wanda ke hana jikokin ɗakin jajaye mutuwa ya sa su ninka, kuma cikin mako guda sababbin jajaye sun fito. Hanta tana ƙera wani sinadarin da ke kula da filatilet. Nutirofil yana ɗaukar kusan mako biyu daga bilas zuwa babba, yana rabuwa har matakin mayilosayit, daga nan sai girma kawai. Wannan ne ya sa mai ciwon ƙoda yakan rasa jajaye kaɗai, fararensa da filatilet suna nan lafiya, domin saƙon ɗaki guda ne ya yanke. Ƙa'idar da muke aiki da ita ke nan a gaban kowace takardar gwaji: idan iri ɗaya ne ya taɓu, a nemi matsalar a ƙasa, idan kuwa iri da yawa ne, a ɗaga kai sama zuwa inda suka haɗa kaka.

A jinin Hajiya nutirofil da basofil sun taɓu, filatilet ma sun taɓu, kuma waɗannan ba ɗakinsu ɗaya ba. Tun daga gilashin farko ke nan mun san cewa aibin ba zai kasance ƙasa da kakar reshen mayiloyid ba.

Alamar da ta nuna inda aka fara

An kwantar da ita a gefe, aka kashe zafin wurin da allura, aka zuƙo ɓargo daga bayan ƙashin ƙugu. Ɓargon mace mai shekarunta kusan rabinsa kitse ne, amma nata babu sauran wurin kitse. A mai lafiya ana samun 'ya'yan fararen ƙwayoyi biyu zuwa huɗu a kan kowane ɗan jar ƙwaya guda, a nata sun haura goma sha biyar. Megakariyosayit sun yi yawa, kuma ƙanana ne, ba su kai girman da aka saba ba. Bilas bai wuce kashi 2 cikin 100 ba, wanda ya nuna ciwon yana matakinsa na farko mai sauƙi. Jinin da aka aika gwajin gado ya dawo ɗauke da alamar da muke zato, wadda ake rubutawa BCR-ABL1.

Asalin wannan alama hatsari ne da ke aukuwa a cikin ƙwaya guda. Kuromosom na 9 da na 22, biyu daga cikin ƙunshin da rubutun gado yake a naɗe, suna karyewa su yi musayar gutsure, sai umarni biyu da ba su da alaƙa su haɗu su zama ɗaya. Furotin da wannan sabon umarni ke ƙerawa kamar makunni ne da ya maƙale a kunne, yana ta cewa ƙwaya ta rabu kuma kada ta mutu, ko jiki yana buƙata ko ba ya buƙata. Peter Nowell da David Hungerford ne suka fara ganin guntun kuromosom ɗin a 1960 a birnin Filadelfiya, aka sa masa sunan birnin, sai a 1973 Janet Rowley ta nuna cewa musaya ce tsakanin na 9 da na 22.

Duk wanda ya yi karatun zaure ya san yadda ake gane asalin kwafin littafi. Idan wani malami ya tsallake kalma lokacin da yake kwafe littafi da hannu, duk almajirin da ya kwafa daga nasa zai tsallake ta, haka ma wanda ya kwafa daga almajirin, kuma bayan shekaru wanda ya tara kwafe-kwafen zai iya cewa waɗannan duka daga hannu ɗaya suka fito. Haka masu bincike suka yi da wannan guntun kuromosom. Sun same shi a 'ya'yan nutirofil, da 'ya'yan jajayen ƙwayoyi tun suna da cibiya, da megakariyosayit, da monosayit, sannan a cikin marasa lafiya da yawa har a wani kaso na limfosayit na B. Ba su same shi a ƙwayoyin fata ba, ba su kuma same shi a ƙwayoyin da ke riƙe da ginin ɓargon kansa ba. Tunda alamar ta bayyana a reshen mayiloyid da na limfoyid duka, to wadda ta fara ɗaukarta tana sama da inda rassan suka rabu.

Mai gardama zai iya cewa wataƙila wani abu ne ya bugi ƙwayoyi da yawa lokaci guda ya yi musu lahani iri ɗaya. Amsar wannan ta zo a 1967 daga Philip Fialkow da abokan aikinsa a Amurka, kuma ta hanyar wani sinadari da mu a Gana muka sani sarai saboda yawan masu ƙarancinsa, wato G6PD. Umarnin ƙera shi yana kan kuromosom X. Mace tana da X biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, kuma tun tana tayi kowace ƙwayar jikinta take kashe ɗaya ta bar ɗaya, zuriyar wannan ƙwaya kuma ta ci gaba da bin zaɓin kakarta. Akwai nau'in sinadarin da ake kira A, wanda ya yawaita a tsakanin mutanen da asalinsu Afirka ne, da nau'in B. Macen da ta gaji A daga ɓangare ɗaya da B daga ɗayan, jikinta gauraye yake, wasu ƙwayoyi A wasu B. Da aka gwada irin waɗannan mata masu wannan sankara, sai aka ga fatarsu tana da nau'i biyun, amma jajayen ƙwayoyinsu da nutirofil nau'i ɗaya tak suke ɗauke da shi, daga baya aka ga haka a filatilet da monosayit ma. Da iyaye da yawa ne suka lalace, da an ga gauraye. Jinin gaba ɗaya ya koma na zuriyar ƙwaya guda.

A dabbobi an riga an ga makamancin haka. A Toronto a 1961, James Till da Ernest McCulloch sun kashe ɓargon ɓeraye da hasken radiyeshan mai ƙarfi, suka zuba musu ɓargon wasu, bayan kwana goma ko fiye kaɗan sai ga ƙullutai a kan saifa, yawansu yana bin yawan ƙwayoyin da aka zuba. A 1963, tare da Andrew Becker, suka nuna cewa kowane ƙullutu daga ƙwaya ɗaya ya tsiro. Daga baya aka gane cewa yawancin masu yin ƙullutan 'ya'ya ne na kusa, ba iyayen ainihi ba, domin uwa ba ta saurin haihuwa haka. Sai a 1996 wasu masu bincike a Japan suka dasa ƙwaya guda ɗaya tak a jikin ɓera, suka ga zuriyarta a reshen mayiloyid da na limfoyid tsawon watanni. Abin da ake yi wa ɓera ba a yi wa mutum, shi ya sa marasa lafiya irin Hajiya suka zama babbar hujjar da aka samu a jikin ɗan Adam.

Akwai wuraren da lamarin bai bi zanen littafi sak ba, kuma ina ganin bai kamata a ɓoye su ba. Limfosayit na T galibi ba sa ɗauke da alamar. Bayanin da ya fi karɓuwa shi ne suna rayuwa shekaru masu yawa, kuma yawancinsu an haife su tun kafin hatsarin ya auku, a lokacin da kaluluwar da ke renonsu take da ƙarfi a ƙuruciya. Haka kuma 'ya'yan jajayen ƙwayoyin Hajiya suna da alamar, amma jajayenta raguwa suka yi, domin furotin ɗin ya fi ingiza ɗakin nutirofil, wanda ya cinye wurin, saifar kuma tana riƙe wani kaso na jajayen da aka samu. Alama ɗaya ce, amma kowane ɗaki da yadda yake amsa ta. Shi kansa zanen rassa biyu, wanda ya ginu a kan binciken ɓeraye na 1997 da 2000 a jami'ar Stanford, an yi masa gyare-gyare. An gano ƙwayoyin da ke iya ba da limfosayit da nutirofil amma ba sa ba da jajaye, an kuma gano iyayen da suka karkata ga haifar da filatilet tun daga sama. Ni dai a ganina zanen yana nan da amfaninsa a gaban mara lafiya, matuƙar mutum ya riƙe cewa matakan ba su da katanga a tsakaninsu, zaɓi ne ke ƙuntata a hankali yayin da ake gangarowa.

Magani, da abin da bai kai gare shi ba

Ƙanin Hajiya, wanda ya rako ta ranar da aka gaya mata sakamako, ya ce: "Likita, tunda jinin ne ya lalace, me zai hana a zuƙe shi a sa mata namu? Mu bakwai ne a gida, kowa zai bayar." Na ce masa: "Alhaji, ko an sauya shi duka yau, fararen da aka zuba gobe sun ƙare, filatilet mako guda, jajayen kuma 'yan watanni, sannan wadda ke cikin ƙashi ta sake cika jikin da nata." Abin da ke sauya tushe shi ne dashen ɓargo, inda ake kashe na mara lafiya a zuba iyayen ƙwayoyin wani, har rukunin jinin mutum yakan koma na wanda ya ba shi. Aiki ne mai hatsari da tsada, kuma a yau ba da shi ake farawa a wannan ciwo ba. 'Yarta kuma ta tambaya ko su ma za su gada. Ba za su gada ba, domin hatsarin a cikin uwar ƙwayar jini guda ya auku bayan an haifi Hajiya, bai shafi ƙwan haihuwarta ba, kuma ba a ɗaukarsa ta cin abinci tare ko kwana ɗaki ɗaya.

An fara ba ta haidiroksiyuriya na 'yan kwanaki don rage cunkoso, tare da maganin da ke kare ƙoda daga dattin ƙwayoyin da ke mutuwa, sannan aka sa ta a kan imatinib, miligiram 400 sau ɗaya a rana tare da abinci. Wannan magani, wanda aka amince da shi a Amurka a 2001, yana toshe furotin ɗin nan da ya maƙale a kunne. Cikin mako huɗu fararen sun sauka zuwa 7,200. A mako na shida filatilet suka faɗi zuwa 95,000, iyalinta suka tsorata, amma mu mun san dalili. Zuriyar da ta mamaye ɓargo tana mutuwa, iyaye masu lafiya kuwa, waɗanda suke nan a danne tsawon shekaru ba su mutu ba, suna buƙatar makonni kafin 'ya'yansu da jikokinsu su ninka su cike gurbin. Ba a dakatar da maganin ba tunda adadin bai kai matakin hatsari ba, aka dai riƙa gwadawa kowane mako, kuma da kansu suka hau. A wata na uku ba a jin saifar, hemogulobin ya kai 12.1, alamar BCR-ABL1 ta sauka zuwa kashi 6 cikin 100, ƙasa da 10 da ake nema a lokacin. A wata na 12 ta kai 0.08, ƙasa da 0.1 da ake buri.

A wata na 15 Hajiya ta daina zuwa. Ta koma kasuwa, ƙibarta ta dawo, ta tafi Tamale jinyar wata 'yar uwarta, maganin ya ƙare a can, kuma da yake ba ta jin komai sai ta ɗauka ta warke. Bayan wata biyar ta dawo, ba don ciwo ba, sai don 'yarta ta matsa mata. Saifa ba ta kumbura ba, fararen ƙwayoyi 13,500 ne, adadin da wani zai iya ɗauka na mura ne. Amma basofil ya koma kashi 4, alamar gado kuma ta tashi daga 0.08 zuwa 14.

Salsalar ce ta bayyana wannan ma. 'Ya'ya da jikoki masu saurin rabuwa sun dogara da furotin ɗin, idan aka toshe shi sai su mutu. Uwar da ke ɗauke da aibin kuwa a kwance take, kuma binciken da Tessa Holyoake da abokan aikinta suka yi a Glasgow ya nuna cewa irin waɗannan iyaye suna rayuwa ko da maganin yana kewaye da su. Da aka janye maganin, sai suka haifi 'ya'ya, 'ya'yan suka ninka, kuma tunda ninki yana farawa a ɓoye, gwajin gado yana ganin dawowar watanni kafin ƙidayar jini ta gani, ita kuma ƙidayar tana gani kafin mara lafiya ya ji a jikinsa. A wani gwaji da aka yi a Faransa, wanda aka buga a 2010, an dakatar da maganin ga mutanen da alamar ta ɓace musu gaba ɗaya tsawon shekara biyu ko fiye, amma kusan shida cikin goma ta dawo musu, yawanci cikin wata shida. Hajiya ba ta ma kai wannan matsayi ba lokacin da ta daina.

Abin da muka ji tsoro shi ne ko a cikin watanni biyar ɗin wani jika ya sake samun aibi na biyu. Idan haka ta faru, ƙwayar da ke tsakiyar salsala tana iya samun ikon sabunta kanta wanda ba nata ba ne, ta kuma daina girma, sai ɓargo ya cika da bilas. Idan suka kai kashi 20 cikin 100 ciwon ya rikiɗe zuwa mai saurin kisa. A yawancin masu wannan rikiɗa bilas ɗin na reshen mayiloyid ne, amma a kusan ɗaya cikin huɗu na limfoyid ne, galibi na B, abin da ba zai yiwu ba da a ce ciwon bai fara daga saman rabuwar rassan ba. Na zauna da gilashinta na ƙirga ƙwayoyi ɗari biyu, ban ga bilas ko ɗaya ba, kuma matakan girma suna nan a jere.

An mayar da ita kan imatinib a kan adadin da take sha a da. Bayan mako uku ƙidayar jini ta daidaita, bayan wata shida alamar ta sauka zuwa 0.3, kuma a gwajin baya-bayan nan tana kan 0.06. Da azumi ya zo an mayar da shan maganin bayan buɗa-baki, tare da abinci. Yanzu 'yarta ce ke riƙe da katin asibiti, ana gwada alamar kowane wata uku zuwa shida, kuma ba za a buɗe maganar dakatarwa ba sai alamar ta sauka ƙasa da 0.01 ta kuma zauna a can aƙalla shekara biyu.